Jiga a Ƙafar Ɗan Shekara Tara: Nazarin Wani Gida a Bayan Garin Kumasi

Gidan da mutanensa

Gidan kango ne a sabuwar unguwa, can gaba da Asokore Mampong, inda filaye ke ƙarewa gonaki su fara. Mai ginin yana ƙasar waje. Ya ɗora kwano, kuɗi ya yanke, sai ya sa wani mutumin Aboabo, wata unguwa a cikin Kumasi, ya zauna a ciki yana gadi ba tare da biyan haya ba. Su bakwai ne: maigadin da matarsa, mahaifiyarsa, da yara huɗu masu shekara 11, 9, 6 da 2. Ɗaki biyu suka gyara suka shiga. Na iyayen an taɓa zuba masa siminti, na kaka da manyan yara uku kuwa ƙasa ce zalla, jan turɓaya gauraye da yashi, suka shimfiɗa tabarmi da katifa a kai. A barandar da ke bakin wannan ɗaki akwai tulin yashin gini, tipa guda da aka sauke shekarun baya, kwano ya rufe shi ruwan sama ba ya taɓa shi. Karnukan maƙwabta biyu nan suke kwanciya da rana, yaran kuma nan suke wasa da yamma.

A Aboabo, inda suka taso, tsakar gida da ɗakuna duk siminti ne. Uban da uwar ba su taɓa ganin jiga da idonsu ba. Kakar ce kaɗai ta san ta, tun tana yarinya a ƙauye.

Jiga wata irin ƙuma ce, masana kimiyya na kiranta Tunga penetrans, tsawonta kusan milimita ɗaya. Asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma tarihin da aka fi ambata shi ne wani jirgin ruwa daga Birazil ya zubar da yashi mai ɗauke da ita a gaɓar Angola wajen 1872, daga nan ta bi ayarin fatake da sojoji ta watsu a nahiyar. Ba ta iya tsalle mai nisa, shi ya sa kusan kullum a ƙafa ake samunta. Macen ce ke huda fata ta shige da ka, ta bar ƙarshen bayanta a waje. Da wannan ɗan ramin take numfashi, take kashi, take zubar da ƙwai.

Farkon Disamba: ƙaiƙayi da ɗigon baƙi

Hunturu ya shigo, ƙasar ɗakin ta bushe ta zama gari. A makon farko na Disamba yaron mai shekara tara ya fara sosa ɗan yatsan ƙafarsa na dama da dare. Uwarsa ta duba ta ga ɗan jan tabo da ɗigon baƙi a gefen farce, ta ce ƙaya ce ta karye a ciki, ta shafa masa man kaɗe.

Bayan kwana goma abin ya sake kama. Ɗigon baƙin yana nan, amma yanzu wani farin da'ira mai tauri ya kewaye shi, girman ƙwayar wake, kuma idan ya taka sai ya ɗingisa. Cikin jigar ne ya kumbura da ƙwai. A mako ɗaya zuwa biyu takan ninka girmanta kusan sau 2000, har ta kai kusan santimita ɗaya. Wasu huɗu sun fito, biyu a ƙarƙashin yatsu, biyu a dunduniya inda faso ya tsage.

Da kakar ta kai ƙafar bakin ƙofa inda haske yake, ba ta yi wata-wata ba. Ta ce wa surukarta: “Wannan ba ƙaya ba ce, jiga ce. Miƙo mini fil.”

Tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu: fil, reza da kananzir

Kakar ta yi yadda aka yi mata. Takan zaunar da yaron a kan tulin yashin nan don a nan rana ke faɗa, ta lasa bakin fil a harshen ashana, ta yi ta ɓare fatar da ke kewaye da ɗigon har farin ƙunshin ya bayyana, sannan ta sa fil ta ƙarƙashi ta ɗago shi. Biyu na farko sun fito ɗungurungum. Amma idonta ya yi rauni, yaron kuma yana fizge ƙafa. Na uku ya fashe, wani farin ruwa mai tsaki-tsaki ya fito, kan jigar ya tsaya a ciki. Abin da ta ciro duka a kan yashin take yar da shi.

Da uban ya ga ramukan ba sa rufewa, wani abokin aikinsa lebura ya ce a ɗiga kananzir. An yi haka kwana uku. Fatar da ke tsakanin yatsu ta ƙone ta yi fari, ta fara salewa, jigar da ke ƙarƙashin farce kuwa ko gezau. Wani ya kawo shawarar maganin feshin gonar koko, uwar ta hana, ta ce abin da ake sa wa a rufe hanci ba za a zuba shi a ciwon ɗanta ba. An kuma sayo ƙwayar maganin tsutsar ciki a kemis, bisa tunanin tsutsa ce. Bai yi komai ba. Ko ibamektin, da ke kashe ƙazuwa da wasu tsutsotsi, an gwada shan shi a kan jiga a Birazil ba a ga ya fi ƙwayar banza ba.

Fil ɗin nan guda, da reza guda, da su aka yi wa ƙanensa mai shekara shida da yayarsa aiki da nasu suka fito.

A tsakiyar Janairu yaron ya daina zuwa makarantar boko, don takalmi ba ya shiga. Makarantar allo ma ya fara gudu, saboda yara sun ce ƙafarsa na wari. Babban yatsan hagu ya kumbura ya yi ja yana fitar da mugunya, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, jikinsa ya yi zafi dare biyu a jere.

Ƙarshen Janairu: asibitin unguwa

Zazzaɓin ne ya kai su asibiti, da tsammanin cizon sauro ne. Gwajin jini bai nuna komai ba. Nas ɗin da ta karɓe su, haifaffiyar Asawase ce mai jin Hausa, ta lura da yadda yake taka gefen ƙafa, ta ce a kwance tsumman.

Kafin ta taɓa komai sai da ta sa aka wanke ƙafafun da sabulu da ruwa mai tsafta, aka tsane, ta ɗauki madubin ƙara girma ta ƙirga. Wurare 23 ne: 14 masu rai, 4 matattu, 5 kuma ramukan da fil ya bari, uku daga cikinsu sun yi mugunya. Ta nuna wa uban yadda ake bambancewa. Mai rai fara ce a kumbure, idan an zuba mata ido ta madubi ana ganin ɗigon yana ɗan bugawa, wani lokaci siririn zaren kashi mai launin ƙasa yana fitowa daga ciki, ko a ga fararen ƙwai manne da fata a gefe. Matacciya takan yi baƙin ɓawo ta motse, kuma ba ta buƙatar a haƙa ta, fata ce ke turo ta waje da kanta. Wannan bugun da zaren su ne ke raba jiga da ƙaya ko tsiron fata na tafin ƙafa, waɗanda su ma sukan nuna baƙin ɗigo.

A ranar ta cire shida, waɗanda ke gefen farce da wuraren da suka kumbura. Kowacce sai ta goge wurin da aidin, ta yi masa ƙaramar allurar kashe zafi, sannan ta ɗauki tsinin aska sabuwa daga leda ta faɗaɗa ramin a hankali, tana bin gefen farin da'irar, ba ta soka tsakiya. Idan ƙunshin ya saki sai ta sa hantsaki ta ɗago shi gaba ɗaya ta jefa cikin kwalbar sifirit. Ɗaya ta fashe mata ita ma, sai ta kankare ramin da ɗan cokalin tiyata har ta tabbata babu saura, domin guntun da aka bari a ciki shi ke ruɓewa ya haddasa kumburi. Ta wanke kowane rami, ta shafa man kashe ƙwayoyin cuta, ta rufe da bandeji. Shidan nan sun ci kusan awa ɗaya, yaron ya gaji da kuka, ita ma ta ce ya isa haka.

Sauran takwas ɗin aka jiƙa su cikin ruwan fotasiyam famanganet, ruwan nan mai launin shuɗi-ja, rabin giram a lita ɗaya, na minti goma, sannan aka shafe da basilin. Hanya ce da hukumomin lafiya na Kenya suka daɗe suna amfani da ita. Tana da raɗaɗi a kan buɗaɗɗen ciwo, tana rina fata, kuma nas ɗin ta faɗa musu gaskiya cewa ba duka za ta kashe ba.

An rubuta masa maganin sha na mako guda saboda yatsan da ya kumbura da kaluluwar. Sai batun tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Ƙwayarsa a cikin ƙasa take, ramin jiga kuma ƙofa ce a buɗe na makonni. Katin rigakafin yaron ya nuna allurarsa ta ƙarshe tun yana jariri, don haka aka yi masa ta ƙari nan take.

Da ta ji labarin fil ɗin, sai ta juya wajen kakar, ta sassauta murya: “Mma, na san hannunki ya iya. Amma fil ɗaya a ƙafa uku, idan ɗaya yana da ciwon hanta a jininsa kin raba wa sauran. Harshen ashana ba ya kashe wannan. Ki bar mana cirewar.” Kakar ba ta ce komai ba. An duba nata ƙafafun aka sami shida a dunduniya, ba ta ma san da su ba. Tana da ciwon suga, ƙafarta ta rage jin zafi, kuma ita ce a gidan wadda ƙaramin rami zai iya zame wa gyambo. An ce kada kowa ya taɓa nata a gida ko da wasa. Ƙanen yana da 8, yayar 3, iyayen da autar da ke kwana a ɗakin siminti babu ko ɗaya.

Fabrairu: ta dawo

Kumburin ya sauka cikin kwana biyar, zazzaɓi ya tafi. Uban ya sayi takalma masu rufe ƙafa a kasuwar Kejetia, kowane yaro ɗaya, don nas ta ce silifas ba ya tare komai. Bayan mako uku aka koma dubawa. Tsofaffin ramuka sun warke, amma uku daga cikin takwas ɗin da aka jiƙa suna nan da rai, ga kuma sababbi tara, ƙanana, duk ’yan kwanaki. Ƙanen ya ƙara biyar.

Uban ya fusata, ya ce ko dai ba a cire ƙwan da ke cikin naman ba. Wannan zato ya yaɗu sosai, amma jiga ba ta haihuwa a cikin jiki. Kowace mace takan zubar da ƙwai ɗari ko fiye cikin mako biyu zuwa uku, duk su faɗo ƙasa. A busasshiyar ƙasa mai inuwa ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin ’yan kwanaki, tsutsar ta ci dattin da ke cikin turɓaya, ta naɗe kanta, ta fito cikakkiyar ƙuma. Daga ƙwai zuwa sabuwar jiga kusan wata ɗaya ne. Ita kuma wadda ke cikin ƙafa takan mutu da kanta bayan mako huɗu zuwa shida. Ma’ana, kowane sabon ɗigo sabuwar ƙuma ce da ta hau daga ƙasa.

Nas ɗin ta haɗa su da jami’in tsaftar muhalli, ya je gidan. Ya ɗaga tabarmar yaran ya ga gari mai laushi a ƙarƙashi, ga ramin ɓera a kusurwa. Ya tambayi inda aka riƙa zubar da waɗanda aka ciro, aka nuna masa tulin yashi. Ya sa mai karnukan ya riƙe ɗaya, ya buɗe tafin ƙafarsa, sai ga fararen da’irori uku a tsakanin yatsu. Kare da kyanwa da alade da ɓera duk jiga na shiga ƙafarsu, su yi ta zubar da ƙwai inda suke kwanciya.

Takalman kuwa a bakin ƙofa ake tuɓe su, kamar a kowane gidan Musulmi. Yaran suna sa su zuwa makaranta, inda babu jiga, su cire su a daidai inda take.

Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris: ƙasa, mai, da ɗigon magani

An fara da abin da ba ya cin kuɗi. Yara da kakar suka koma ɗakin siminti, uban ya koma kwana a benci a baranda. Kowace safiya a share ɗakin ƙasar, a ƙone sharar, a yayyafa ruwa har ƙasar ta jiƙe sosai, domin tsutsar jiga ba ta jure danshi. Ruwa saye suke yi a hunturu, don haka ruwan wanki da na wanke-wanke aka riƙa tarawa. Tabarmi da katifa kullum a shanya su a rana. An toshe ramin ɓera, an sa tarko. Tulin yashin aka kwashe shi daga ƙarƙashin kwano aka baza a fili aka jiƙa, aka kuma kafa ƙyauren katako a barandar. Maƙwabcin ya kai karnukansa wajen likitan dabbobi bayan an kai ruwa rana, sai da limamin unguwa ya sa baki.

Daɓen ne ya ɗauki lokaci, don sai da aka nemi izinin mai gida ta waya. Ɗakin mita uku da rabi ne kowane gefe. Birkila ya kwashe saman ƙasar, ya daddaɓe, ya zuba kankare mai kaurin santimita 5, buhu huɗu na siminti mai kilo 50, ya goge samansa sumul har jikin bango don kada a bar tsaga. Mako guda ana zuba masa ruwa kafin a shiga. An gama a mako na biyu na Maris.

A ƙafa kuwa abu biyu aka yi. Na farko, kowane dare bayan isha’i uwar takan zaunar da yaran, ta wanke ƙafafunsu da sabulu, ta haska fitilar waya a gefen kowane farce, tsakanin yatsu da dunduniya, sannan ta shafe su da man kwakwa har idon sawu, ta kuma shafa da safe. Tushen wannan shi ne gwaje-gwajen da aka yi a Birazil da Madagaska da wani mai da aka haɗa daga kwakwa, wanda shafa shi sau biyu a rana ya rage shigar sababbin jiga ƙwarai. Man kwakwar kasuwa ba shi ne wancan haɗin ba, amma shi ke hannu, kuma yana tausasa faso.

Na biyu shi ne dimetikon, wani siririn man silikon da ake sayarwa a Turai a matsayin maganin kwarkwata. Sun zaga kemis-kemis na kusa ba su samu ba, sai ƙanen uwar da ke Jamus ya ba wani mai zuwa gida kwalba guda. Ba guba ba ne. Yakan silale ta ramin nan ya toshe hanyar numfashin jigar, ta mutu a inda take, ba yanka ba jini. Nas ta nuna yadda ake yi: a wanke ƙafa a tsane ta sarai, a ɗiga a kan baƙin ɗigon kai tsaye, a bari ya shige, a maimaita har sau uku cikin minti goma, kuma a nisanci wuta don yana iya kamawa. A wani gwaji a Kenya an sami kusan 78 cikin 100 sun mutu cikin mako guda da shi, ruwan famanganet kuwa 39. Da aka riƙa ɗiga shi daidai kan ramin a Yuganda, adadin ya haura 90.

Kwana biyu da ɗigawa yaron ya ce ƙaiƙayin dare ya tsaya. A kwana na bakwai nas ta duba goma sha biyun, ɗaya ce kawai ke bugawa, aka sake ɗiga mata. Sauran suka yi baƙi, suka faɗo ɗaya bayan ɗaya cikin makonni uku. Haka aka yi wa ƙanen yaron, da kakar, ita a asibiti.

Afrilu zuwa Yuni

A duban farkon Afrilu an sami sabuwa ɗaya tak, a ƙafar ƙanen, uwar ce ma ta gano ta tun tana jan tabo. A Mayu da Yuni babu ko ɗaya a gidan. Yaron ya koma makaranta bayan ya rasa kusan mako bakwai. Farcen babban yatsan hagu ya fita, wanda ya tsiro a madadinsa ya fito a murɗe, da alama haka zai zauna. Ramin dunduniyar kakar guda ɗaya ya ɗauki wata biyu kafin ya rufe.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Mafi yawan wahalar yaron ba jigar ce ta jawo ta kai tsaye ba. Wurare uku da suka yi mugunya duk inda fil ya bi ne, salewar fata kuma aikin kananzir ce. Da an bar su ma, ƙwarin na farko da sun mutu kafin ƙarshen Janairu, ko da yake da wasu sun maye gurbinsu. Ba na ganin laifin kakar a nan. Ita kaɗai ta gane cutar, kuma a zamaninta babu wata hanya sai tsini. Inda aikinta ya ɓaci shi ne kayan da ba a dafa ba, hannu mai rawa a kan yaro mai fizga, da zubar da ƙunshin ƙwai a wurin wasan yara.

Cirewar asibiti ta yi daidai ga ’yan kaɗan da suka kumbura, kuma maganin sha da allurar tetanus su ne suka kawar da haɗarin gaske. Amma aiki ne mai cin lokaci da zafi, ba ya yiwuwa ga ƙafa mai ashirin. Ruwan famanganet ya bar uku cikin takwas da rai. Dimetikon ya fi su duka sauƙi, sai dai samunsa ya dogara ne da ɗan’uwa a Jamus, wanda yawancin masu gadin kango ba su da shi. Takalmi, da uban ya fi kashe wa kuɗi da farko, shi ya fi ƙarancin amfani a wannan gida.

Alamar inda matsalar take tana nan tun ranar ƙirgar farko: huɗu masu kwana a ƙasa duk suna da ita, uku masu kwana a siminti babu. Da an bi wannan a Janairu, da ba a yi zagaye na biyu ba. Duk da haka ba za a ba daɓen dukkan yabo ba tukuna, domin an gama shi ne daidai lokacin da damina ke sauka a Kumasi, kuma jiga takan ja baya da kanta idan ƙasa ta jiƙe. Hunturu mai zuwa ne zai nuna. Mai gidan ya aiko cewa zai ci gaba da gini a Nuwamba, kuma ya riga ya yi odar yashi tipa biyu. Maigadin ya roƙa a sauke su a fili, nesa da baranda.